Ku daina danna “Next” ido rufe

Akwai wata muguwar ɗabi'a da ta zauna daram a hannun masu kwamfuta a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, kuma ba zan shafa mata mai ba. Mutum zai buɗe fayil ɗin sanya manhaja, ya kafa linzami a kan “Next”, ya yi ta dannawa har sai ya ga “Finish”, bai karanta ko layi ɗaya ba. Bayan kwana biyu kwamfutar ta fara nauyi, burauza ta sauya kama, data ta ƙare ba a san inda ta bi ba. Sai ya ce bairos ne ya shiga, ko ya ce wanda ya sayar masa da ita a Kano ya cuce shi. Sau da yawa babu wanda ya haura masa katanga. An tambaye shi a rubuce ko ya yarda a sa masa wannan tarkacen, shi kuma ya amsa da yatsarsa cewa ya yarda.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne inda ake wannan sakacin. Tun farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa a Kazaure, lokacin da garuruwa da yawa a Arewa ko shagon intanet ba su da shi. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a garin. A 2021 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Jami'ar Fasaha a Babura. Yankin da ya tara waɗannan bai kamata a ce matasansa suna koya wa juna sanya manhaja da cewa “kai dai danna, danna, danna” ba. Amma haka ake yi. Yaya ya koya wa ƙane, mai shagon gyara ya koya wa yaronsa, ɗalibin aji biyu ya koya wa ɗan aji ɗaya. Wanda ya tsaya zai karanta kuwa sai a ce masa: “Haba Malam, duk ɗaya ne, ba komai a ciki.” Ƙarya ne. Akwai komai a ciki, kuma wanda ya faɗa maka haka shi ma bai taɓa karantawa ba.

Na san uzurin da za a kawo: Turanci ne. Wannan uzurin bai karɓu ba. Kalmomin da ke yanke hukunci a waɗannan shafukan ba su kai ashirin ba, kuma su ne dai suke ta maimaituwa daga wannan manhaja zuwa waccan. Yaron da ya haddace sunayen 'yan wasan ƙungiyoyin Turai har da na benci ba zai ce “Decline” da “Custom” sun fi ƙarfinsa ba. Matsalar gaggawa ce da raina abu.

Bari mu fara da tambayar da ba a yi: wa ya sa tik a cikin ɗan akwatin nan kafin ka iso? Kwamfuta ba ta sa shi da kanta ba. Wani mutum ne ya zauna ya yanke shawarar yadda akwatin zai zo maka, kuma a lokuta da yawa biyansa ake yi. Shekaru da dama duk wanda ya sanya Java ta kamfanin Oracle a Windows yakan tarar da akwati mai tik a tsakiyar aikin, yana cewa a haɗa masa da Ask Toolbar, wata manhaja da ke maƙalewa a burauza ta sauya masa shafin bincike. A 2013 masu bincike suka nuna cewa wannan manhajar ba ta shiga nan take, sai ta jira kamar minti goma bayan an gama sanya Java. Ka ga ko mutum ya farga ya je duba jerin manhajojinsa a lokacin, ba zai gan ta ba. Sai a 2015 Oracle ta daina haɗawa da Ask, ta koma tallata Yahoo. Haka shafin sauke Adobe Reader, manhajar buɗe PDF da kusan kowane ɗalibi ke nema, ya daɗe yana zuwa da tik a kan wata manhajar McAfee. Waɗannan manyan kamfanoni ne masu suna. To ina ga ƙananan shafukan da ba a san mai su ba?

A 2016 kamfanin Google da Jami'ar New York suka fitar da bincike a kan wannan kasuwa. Sun gano cewa akwai dillalai da aikinsu ke nan: su karɓi kuɗi daga masu manhajar talla, su biya masu manhajar kyauta domin a cusa ta a cikin shafukan sanyawa. Farashin kowace kwamfutar da abin ya shiga yana kamawa daga kusan senti 10 zuwa dala ɗaya da rabi, gwargwadon ƙasar da take. Sun kuma ce gargaɗin da Google ke nuna wa masu shirin sauke irin wannan kaya ya wuce miliyan 60 a kowane mako. Saboda haka idan ka danna “Next” ba ka duba ba, akwai wanda ya ci riba da kai a wannan daƙiƙar. Mutumin Gwiwa ba zai dangwala yatsa a takardar cinikin gona ba sai an karanta masa ita a gaban shaidu, amma ɗansa yana dangwala wa baƙon da bai sani ba izinin shiga kwamfutar da aka sayar da buhunan gero aka saya masa.

Kuma asarar ta fi yi mana ciwo fiye da yadda take yi wa wanda aka tsara tarkon dominsa. Yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗalibanmu na hannu ne, daga Farm Centre ko titin Beirut a Kano, RAM ɗinsu gigabait 4, batirinsu ya riga ya gaji. Kowace manhajar da ta lallaɓo ta shigo tana son ta tashi tare da Windows, ta zauna a RAM, ta riƙa leƙa intanet tana sabunta kanta tana jawo talla. Wanda ke da wuta dare da rana da intanet marar iyaka ba zai ji a jikinsa ba. Kai da ka kai caji shagon mai sola, ka kunna hosfot na wayarka da datar da ka saya da kuɗin abinci, kai ne za ka ji. Awa biyun da batirin zai ba ka ka rubuta furojet, wani abin da ba ka nema ba yana ci daga ciki.

To ga yadda shafukan suke, ga abin da kowanne ke tambayarka.

Da ka danna fayil ɗin sau biyu, allon zai dusashe, wata taga ta fito tana cewa “Do you want to allow this app to make changes to your device?” Wannan tagar ta Windows ce, ba ta manhajar ba, kuma tana nan tun zamanin Windows Vista. Ma'anarta: wannan fayil yana neman ikon mai gida, ikon rubutu a ko'ina cikin kwamfutar. Kusan kowa “Yes” yake dannawa kafin ma tagar ta gama fitowa, alhali amfaninta duka yana cikin layi ɗaya da ke tsakiya. Idan ka ga “Verified publisher” da sunan kamfani, ka duba ko sunan ya dace da abin da ka sauke. Ka sauke VLC, ya kamata ka ga VideoLAN. Ka sauke Firefox, ya kamata ka ga Mozilla Corporation. Idan ka sauke VLC ka ga sunan wani kamfanin da ba ka taɓa ji ba, ba VLC kaɗai ce a cikin fayil ɗin ba, an naɗe ta ne da wani abu, danna “No”. Idan kuma saman tagar ya yi rawaya an rubuta “Publisher: Unknown”, fayil ɗin ba shi da sa hannun kowa. Wannan ba ya nufin lallai mugu ne, domin akwai manhajoji na gari irin 7-Zip da suke zuwa haka. Yana nufin Windows ba za ta iya yi maka shaidarsa ba, saura ya rage gare ka ka tuna daga ina ka samo shi. Idan amsar ita ce filashin aboki, wanda shi ma daga filashin wani ya kwafa, to ba ka da shaida ko ɗaya.

Shafin yarjejeniya, mai “I accept the agreement” ko “I Agree”, ba zan ce ka karanta shi kalma bayan kalma ba, na san ba za ka yi ba. Amma ka karanta kansa, ka ga sunan wace manhaja ke sama. Nan ne babbar dabarar take. Shafi na farko yarjejeniyar manhajar da kake so ce. Sai shafi na biyu ya zo da kama iri ɗaya, dogon rubutu iri ɗaya, maɓalli a wuri ɗaya, amma sunan da ke sama na wata manhaja ce daban: wata burauza, wani antibairos na gwaji, wata mai cewa za ta ƙara wa kwamfuta gudu. Hannunka ya riga ya saba, sai ka danna “Accept” a karo na biyu. Idan manhaja ɗaya ta nemi ka yarda sau biyu, ka tsaya ka duba na biyun da kyau, domin galibi talla ce. Maɓallin da kake nema shi ne “Decline” ko “Skip”, kuma sau da yawa ana dusashe launinsa har ya yi kamar ba ya aiki, ko a ajiye shi a hagu inda aka saba ganin “Back”. Yana aiki. Mutane suna tsoron cewa idan suka danna “Decline” aikin gaba ɗaya zai tsaya. Ba zai tsaya ba, tallar ce kawai za ta wuce. Idan kuwa ya tsaya, to ka gode wa Allah, ka goge fayil ɗin ka nemi na asali.

Sai shafin zaɓi tsakanin “Express” ko “Typical”, wanda ake liƙa wa “Recommended”, da “Custom” ko “Advanced”, wanda wasu ke rubuta wa gargaɗin cewa na ƙwararru ne. Wannan gargaɗin ya kori mutane da yawa. Babu ƙwarewar da ake buƙata. “Custom” ba ya ƙara maka aiki, buɗe maka jerin abubuwan da “Express” zai yi a ɓoye kawai yake yi: a wace folda za a sa, waɗanne sassa za a sa, da abin da aka haɗo. Idan ka buɗe ka ga babu abin ƙi, ka bar komai yadda yake ka wuce, ba ka yi asarar ko minti ɗaya ba. Idan kuma ka ga layuka irin “Set as my default search engine” ko “Make this my homepage” ko “Install” da sunan abin da ba ka nema ba, ka cire tik ɗin. A koyaushe ka zaɓi “Custom”.

Shafi na ƙarshe ma, mai “Finish”, ba a barinsa haka. A nan ake ajiye “Run at Windows startup” da makamantansa. Manhajar kallon bidiyo ko ta buɗe PDF ba ta da dalilin tashi tare da kwamfuta.

Kada wani ya ɗauka darasin shi ne a cire kowane tik, domin wannan ma wata makantar ce. Akwai akwatin da yake zuwa babu tik, kuma rashin sa masa tik ne yake jawo wahala. Misali mafi kusa da ɗalibanmu shi ne Python, harshen da ake fara koyar da rubuta manhaja da shi a wurare da yawa, kuma ina so mu bi shi daki-daki.

A ce ɗaliba ce daga Roni, an ba su aikin gida, tana da tsohuwar laftof mai Windows 10. Ta shiga python.org, ta sauke Python 3.12, fayil ɗin bai wuce megabait 25 ko kusa da haka ba. Kafin ma ta sauke akwai tambaya: “64-bit” ko “32-bit”? Amsar tana cikin “Settings”, sai “System”, sai “About”, a layin “System type”. Ta buɗe fayil ɗin. Shafin farko yana da manyan zaɓuɓɓuka biyu, “Install Now” da “Customize installation”, sannan can ƙasa akwai ƙananan akwatuna biyu. Na biyun an rubuta masa “Add python.exe to PATH”, kuma babu tik a ciki. Idonta yana kan babban rubutu, ta danna “Install Now”. Aiki ya tafi lafiya, aka ce mata “Setup was successful”. Ta buɗe Command Prompt ta rubuta abin da malami ya rubuta a allo:

```
pip install numpy
```

Sai kwamfuta ta amsa:

```
'pip' is not recognized as an internal or external command,
operable program or batch file.
```

Ta rubuta python kawai, sai ga Microsoft Store ya buɗe yana tallata mata Python, abin da ta gama sanyawa yanzun nan. A nan ne asara ke farawa. Wata za ta ce fayil ɗin ne ya lalace, ta sake saukewa. Wata za ta sanya ta Store ɗin a kan ta farko, ta wayi gari da Python biyu, ta sa numpy a ɗaya tana gudanar da aikinta a ɗayar, kullum ana ce mata ba a ga numpy ba. Wata kuma za ta kai shago a ce mata Windows ɗin ce ta samu matsala, sai an yi fomat.

Babu abin da ya lalace. PATH jerin foldoji ne da Windows ke dubawa ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da ka rubuta sunan wani umarni. Python ta shiga kwamfutar lafiya lau, tana zaune a nan:

```
C:\Users\<suna>\AppData\Local\Programs\Python\Python312
```

Amma wannan foldar ba ta cikin jerin, don haka Windows ba ta san ta leƙa can ba. Wancan ɗan akwatin aikinsa ke nan, ya ƙara foldar da ta “Scripts” da ke cikinta, inda pip yake, a cikin jerin. Store ɗin da ya buɗe kuwa, Microsoft ce ta ajiye wani ɗan fayil mai suna python a wata foldar da take cikin jerin, domin ya kai wanda ba shi da Python wurin saukewa. Da Windows ta rasa ta gaskiyar sai ta kama wannan.

Yadda za ta tabbatar cikin daƙiƙa biyar shi ne ta rubuta:

```
py --version
```

Idan ta ga “Python 3.12” da wata lamba a gaba, Python na nan, hanya ce kawai ba a nuna wa Windows ba, domin shi py ana sa shi ne a inda Windows ke gani. Gyaran ba ya cin data ko kaɗan. Ta sake buɗe fayil ɗin da ta riga ta sauke, ta zaɓi “Modify”, ta danna “Next” a shafin “Optional Features” bayan ta tabbata pip na da tik, a shafin “Advanced Options” ta sa tik a “Add Python to environment variables”, ta danna “Install”. Sannan ta rufe Command Prompt ta buɗe sabo, domin tagar da take buɗe tun farko tana riƙe da tsohon jerin. Da yawa a nan suke sake rikicewa, su ce gyaran bai yi ba, alhali tsohuwar taga suke gwadawa a ciki.

Tun da mun shiga shafin “Advanced Options”, akwai abubuwa biyu da suka shafe mu kai tsaye. “Install Python 3.12 for all users” yana mayar da wurin zaman manhajar zuwa C:\Program Files, inda kowane mai asusu a kwamfutar zai same ta. Idan ba a sa masa tik ba, Python ta mai asusun da ya sanya ta ce shi kaɗai. A ɗakin kwamfuta na makaranta, ko a shago, ko a gidan da yaya da ƙanne ke raba laftof ɗaya kowa da asusunsa, wannan shi ne dalilin da za ka ji an ce “jiya an sa, yau ta ɓace”. Ba ta ɓace ba, da wani asusun aka shiga. Na biyu, layukan da suka fara da “Download debugging symbols” da “Download debug binaries” za su jawo ƙarin fayiloli daga intanet, kuma mai koyo ba ya buƙatarsu, a bar su babu tik. Ka ga a shafi ɗaya akwai akwatin da ya kamata a cika da wanda ya kamata a bari, kuma babu wata doka ta “cika duka” ko “cire duka” da za ta fisshe ka. Sai ka karanta. Masu Python ma sun fara sauya hanyar sanyawar tun daga 3.14, don haka wanda ya haddace wuraren dannawa ba ma'anarsu ba zai sake komawa farko.

Yanzu ga wanda ya riga ya yi ta dannawa shekara da shekaru, yana son ya san me ya tara. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta:

```
appwiz.cpl
```

Jerin manhajojin kwamfutar zai fito. Ka danna kan layin “Installed On” domin su jeru bisa kwanan wata. Nemi ranar da ka sanya wata manhaja da ka tuna. Idan abu ɗaya ka sanya ran nan amma ka ga uku ko huɗu da kwanan wata ɗaya, sauran su ne baƙin da suka biyo shi. Amma kada ka bi su da gogewa ido rufe, wannan ma irin laifin farko ne. Abubuwa masu suna “Microsoft Visual C++ Redistributable” da direbobin Intel ko Realtek manhajoji na gari ne ke jawo su, kuma idan ka cire su wani abu zai daina aiki, ko sauti ya ɗauke. Ka duba layin “Publisher”, ka bincika sunan da ba ka gane ba, sannan ka danna “Uninstall”. Kuma ka karanta shafukan cirewar su ma, domin wasu suna juya tambayar yadda babban maɓallin zai zama na fasa cirewa.

Daga nan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga “Startup”, ka ga duk abin da ke tashi tare da Windows, ka yi wa waɗanda ba ka buƙata “Disable”. Wannan ba ya goge su, hana su tashi da kansu kawai yake yi. Sai burauza: ka shiga “Extensions” ka cire abin da ba kai ka sa ba, ka mayar da shafin bincikenka. A ƙarshe ka buɗe “Windows Security”, ka shiga “App & browser control”, ka nemi “Potentially unwanted app blocking” a ƙarƙashin “Reputation-based protection settings”, ka tabbata a kunne yake. Microsoft ta ƙara wannan a Windows 10 a 2020 domin irin wannan tarkacen, amma a kwamfutocin da suka biyo ta hannun masu gyara sau da yawa za ka tarar an kashe kariyar gaba ɗaya.

Wannan ya kawo ni kan masu shagunan gyara da masu “loda” wa mutane manhaja, kuma ku ne na fi jin haushinku, domin ku kun sani. Mutum ya taso daga ƙauye ya biya kuɗin mota zuwa Kazaure, ya miƙa muku kwamfutarsa da amana, ya ce: “Injiniya, a sa mini abin da ya kamata.” Ku kuma ku cusa filashi, ku kashe antibairos domin kirak ɗinku ya samu shiga, ku zuba manhaja ashirin da “Express”, ku miƙa masa ba tare da kun sake kunna kariyar ba. Bayan wata biyu ya dawo kwamfuta tana rarrafe, ku ce fomat, ku sake karɓar kuɗi, hotunansa da takardunsa su tafi. Wanda ya karɓi kuɗin aiki ya danna “Accept” a madadin wani ba tare da ya duba ba ya ci amana, ko da bai yi niyya ba. Minti biyar ɗin da kuke tsimi, mai kwamfutar ne yake biyan su da datarsa da batirinsa har tsawon shekara.

Ya kamata kuma a faɗi iyakar karatun, kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Karanta shafukan sanyawa yana kare ka ne daga wanda ya tambaye ka. Wanda ya yi niyyar sata ba ya tambaya. Fayil ɗin kirak, ko “activator” da aka ce sai ka kashe antibairos kafin ka buɗe, ba zai nuna maka akwatin da za ka cire wa tik ba. Da ka danna “Yes” a tagar farko ka ba shi ikon mai gida, abin da zai yi da kalmomin sirrin da burauzarka ta adana, har da na imel da na banki, ba zai rubuta maka a allo ba. Haka idan shuɗiyar tagar nan ta “Windows protected your PC” ta fito, mutane sun koyi danna “More info” sannan “Run anyway” ba tare da tunani ba. Tagar tana cewa ne Windows ba ta san wannan fayil ɗin ba. Idan daga shafin masu manhajar ka sauke shi da hannunka, kana iya wucewa. Idan ta WhatsApp aka turo maka, kada ka wuce. Ko sa hannun kamfani ma ba garkuwa ce cikakkiya ba: a 2017 ɓarayi suka kutsa cikin kamfanin da ke yin CCleaner suka cusa mugun abu a sigar 5.33, ta fita da sa hannu na gaskiya daga shafi na gaskiya, ta shiga kwamfutoci sama da miliyan biyu. Babu karatun da zai hana wannan. Abin da zai rage haɗarin shi ne kada ka tara manhajojin da ba ka buƙata, musamman masu alƙawarin share kwamfuta da ƙara mata gudu.

Wannan ya ƙara zama dole yanzu, domin Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum, kuma da yawa daga cikin tsofaffin laftof ɗinmu ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Kwamfutar da ta daina samun gyaran tsaro ba ta da rarar da za a riƙa buɗe wa kowane fayil ƙofa.

Ga malaman da ke koyar da kwamfuta a sakandare da cibiyoyin koyon sana'a na Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, ku daina ba ɗalibai injin da kuka riga kuka sanya wa komai. Ku ware darasi guda, ku ba kowane ɗalibi fayil ɗin VLC da na Python, ku hana shi taɓa “Next” sai ya faɗa muku da Hausa abin da shafin ke tambaya da abin da zai faru idan ya ce e ko a'a. Kai kuma mai kai kwamfuta shago, kada ka ajiye ka tafi kasuwa. Ka rubuta sunayen manhajojin da kake so a takarda, ka zauna a gefen injiniya yana sanyawa, kuma kafin ka biya ka ce ya buɗe maka appwiz.cpl ku ƙirga tare, sannan ya buɗe “Windows Security” ka gani da idonka cewa kariyar a kunne take.